Dokar taƙaita kashe kuɗi a gasar Firimiya: dalilinta da yadda ake hukunta wanda ya karya ta

A watan Nuwamban 2023 aka zabtare wa ƙungiyar Everton maki goma a gasar Firimiyar Ingila saboda abin da aka gani a littafin lissafinta. Hukumar gasar ta ce asarar da ƙungiyar ta tafka cikin lokacin da aka duba ta kai fam miliyan 124.5, alhali iyakar da doka ta yarda ita ce fam miliyan 105. Wannan ne karo na farko da aka rage wa wata ƙungiyar Firimiya maki ƙarƙashin dokar riba da ɗorewa, wadda jaridu ke taƙaita sunanta da PSR.

Abin da ya haifar da dokar

Ƙwallon ƙafa sana'a ce da ke tura masu ita su kashe fiye da abin da suke samu. Ƙungiyar da ta faɗo daga Firimiya zuwa gasa ta biyu tana rasa mafi yawan kuɗin talabijin ɗinta, wadda kuma ta samu gurbin Gasar Zakarun Turai tana samun ƙarin miliyoyi. Don haka kowane mai ƙungiya yana ganin gara ya ci bashi ya sayi 'yan wasa yau, da fatan nasarar gobe za ta biya. Matsalar ita ce kofi ɗaya ne, guraben Turai kaɗan ne, kuma dole ƙungiyoyi uku su faɗi kowace kaka. Idan kowa ya ƙara kashewa, tsadar 'yan wasa da albashinsu ce kawai ke hauhawa, teburin kuwa yana nan da matsayi ashirin kamar yadda yake.

Masu kallon ƙwallo a Najeriya ba za su manta da Portsmouth ba. A 2008 ta ci Kofin FA da ƙwallon da Nwankwo Kanu ya zura a ragar Cardiff. Kafin shekara biyu ta cika, ƙungiyar ta kasa biyan albashi a kan lokaci, hukumar haraji ta kai ta kotu, kuma a Fabrairun 2010 ta zama ƙungiyar Firimiya ta farko da aka miƙa wa masu kula da kamfanonin da bashi ya durƙusar. An cire mata maki tara, ta faɗi daga gasar. Idan ƙungiya ta ruguje haka, waɗanda suka fi jin jiki su ne ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwar da ke bin ta kuɗin abinci ko na sufuri, sai kuma ƙungiyoyin da suka sayar mata da 'yan wasa bashi.

Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta amince da tsarinta na daidaita kashe kuɗi a 2009, ta fara aiki da shi a 2011. Ƙungiyoyin Firimiya suka kaɗa ƙuri'ar kafa tasu dokar a 2013. Akwai kuma dalili na biyu da ba a cika faɗa a fili ba: tsoffin manyan ƙungiyoyi ba su ji daɗin yadda attajirai suka sayi Chelsea a 2003 da Manchester City a 2008, suka zuba kuɗi ba lissafi har suka kamo su ba.

Yadda ake lissafin

Dokar PSR ba ta ce kada a kashe fiye da adadi kaza wajen sayen 'yan wasa ba. Asara take aunawa, wato tazarar da ke tsakanin abin da ya shigo da abin da ya fita, a jimlar shekara uku. Ƙungiya za ta iya yin asarar fam miliyan 15 da kanta. Za ta iya kaiwa miliyan 105 idan mai ita ya tsaya wa ragowar miliyan 90 da tabbataccen kuɗi, kamar jarin da ya zuba a hannun jari. Kuɗin da aka kashe wajen horar da yara, da ƙungiyar mata, da ayyukan al'umma, da tsufan gine-gine, ana cire su daga lissafin, domin ba a so dokar ta hana gina abin da zai daɗe.

Inda yawancin masu kallo ke ruɗewa shi ne kuɗin sayen ɗan wasa. Ba a rubuta shi a matsayin kashewar shekara ɗaya. Kamar yadda ɗan kasuwar da ya sayi babbar mota yake raba kuɗinta a kan shekarun da za ta yi masa aiki, haka ake raba kuɗin ɗan wasa a kan tsawon kwantiraginsa. A ɗauka an sayi ɗan wasa fam miliyan 50 a kan kwantiragin shekara biyar. Abin da zai shiga littafi kowace shekara miliyan 10 ne, sai albashinsa. Bayan shekara uku, darajarsa a littafi ta rage miliyan 20. Idan aka sayar da shi miliyan 30 a lokacin, akawu zai rubuta ribar miliyan 10, ko da yake mai kallo zai ce an yi asarar miliyan 20. Ribar sayarwa kuma ana rubuta ta gaba ɗaya a shekarar da aka yi cinikin.

Wannan bambanci ya buɗe ƙofofi biyu. Ta farko ita ce doguwar kwantiragi. Chelsea ta sayi Enzo Fernández a farkon 2023 kan kusan fam miliyan 107, ta ba shi kwantiragin shekara takwas da rabi, sai nauyin shekara ya sauko zuwa kimanin miliyan 12 da rabi maimakon fiye da miliyan 21 da zai zama a shekara biyar. A cikin shekarar nan UEFA, daga bisani Firimiya, suka toshe ƙofar: komai tsawon kwantiragi, shekara biyar ce iyakar rabon kuɗin sabon ciniki. Ta biyu ita ce sayar da yaron gida. Ɗan wasan da ƙungiya ta raina tun yana ƙarami ba shi da farashin saye a littafi, saboda haka duk abin da aka sayar da shi riba ce tsantsa. Shi ya sa ake ganin ƙungiyoyi suna rabuwa da 'ya'yan makarantunsu a ƙarshen watan Yuni, daidai lokacin da yawancinsu ke rufe littafin shekara. Abin mamaki ne cewa dokar da ke ƙarfafa horar da yara ita ce ta mayar da su hajar da ake fara fitarwa idan lissafi ya matse.

Shari'ar Everton da ta Forest

Kowace ƙungiya tana miƙa wa hukumar gasar lissafinta da masu bincike suka tantance. Idan hukumar ta ga an wuce iyaka, ba ita ke yanke hukunci ba. Tana shigar da tuhuma ne, sai kwamiti mai zaman kansa na lauyoyi da masana lissafi ya saurari ɓangarorin biyu, kuma akwai damar ɗaukaka ƙara zuwa wani kwamitin daban.

A shari'ar Everton, lissafin da ya ƙare a kakar 2021/22 aka duba, kuma an haɗa shekaru biyu na annobar korona aka ɗauki matsakaicinsu. Ƙungiyar ta amsa cewa ta wuce iyaka, gardamar ta kasance a kan ko da nawa. Ta nemi a cire ruwan wasu basussuka bisa hujjar cewa na ginin sabon filin wasanta ne. Ta kuma kawo uzurin yaƙin Yukiren, wanda ya sa ta dakatar da yarjejeniyoyin talla da kamfanonin da ke da alaƙa da attajirin nan Alisher Usmanov. Kwamitin bai gamsu ba, ya tsayar da rarar a fam miliyan 19.5, ya cire maki goma.

A Fabrairun 2024 kwamitin ɗaukaka ƙara ya rage hukuncin zuwa maki shida. Ya ce na farko ya yi kuskure da ya hukunta ƙungiyar kan rashin faɗin gaskiya alhali ba a tuhume ta da hakan ba, kuma bai auna hukuncin da wasu ma'aunai da ake da su ba, ciki har da maki taran da ake cire wa ƙungiyar da ta durƙushe gaba ɗaya. A watan Afrilu aka sake cire mata maki biyu kan lissafin da ya ƙare a 2022/23. Da yake shekara uku ake haɗawa, shekara ɗaya mai muni tana bin ƙungiya har sau uku. Duk da rasa maki takwas, Everton ta ƙare kakar a matsayi na 15.

Lamarin Nottingham Forest ya nuna ƙarfin ranar rufe littafi. Iyakarta fam miliyan 61 ce kawai, domin ta yi shekara biyu daga cikin ukun a gasa ta biyu, inda ake ba da miliyan 13 a shekara maimakon 35. Ta wuce da miliyan 34.5. Ta sayar da Brennan Johnson, yaron gidanta, ga Tottenham kan miliyan 47.5, kuɗin da zai iya rufe giɓin, amma sai ranar 1 ga Satumban 2023 aka yi cinikin, wata biyu bayan rufe littafi a 30 ga Yuni. Hujjarta ita ce da ta yi gaggawa, da ta sayar da shi da araha. Kwamitin bai karɓi wannan a matsayin kariya ba, ya cire maki huɗu a Maris ɗin 2024, bayan ya yi mata rangwame saboda amsa laifi da wuri da ba da haɗin kai. Forest ta fi Everton wuce iyaka amma ta fi samun sauƙi, abin da ya fito da babban giɓin dokar: ba ta da jadawalin da ya ce rarar kuɗi kaza maki kaza ce.

Inda dokar ke shan wuya

Auna abin da aka kashe ya fi tantance abin da aka samu sauƙi. Idan kamfanin da ke da alaƙa da mai ƙungiya ya biya kuɗin talla fiye da darajarsa a kasuwa, kuɗin aljihun mai ƙungiyar ne ya shigo da rigar ciniki. Irin wannan zargi ya sa UEFA ta haramta wa Manchester City gasar Turai na shekara biyu a Fabrairun 2020, amma kotun wasanni ta duniya ta soke haramcin a watan Yuli, ta ce wasu tuhume-tuhumen ba a tabbatar da su ba, wasu kuma lokacinsu ya wuce, ta bar tarar yuro miliyan 10 saboda rashin ba da haɗin kai. A Fabrairun 2023 Firimiya ta shigar da nata tuhume-tuhumen, fiye da ɗari, waɗanda ƙungiyar ta musanta. Hukumar gasa ba 'yan sanda ba ce, ba ta da ikon kutsawa ofis ta ƙwace takardu, don haka shari'ar da ta shafi sahihancin lissafin kansa takan ɗauki shekaru, alhali ta wanda ya amsa laifi takan ƙare cikin watanni.

Akwai kuma ƙorafin da ke da ƙamshin gaskiya, cewa ɗaure kashewa da samu yana kare waɗanda suka riga suka yi girma. Newcastle, wadda asusun zuba jarin Saudiyya ya saya a 2021, ba ta da 'yancin yin abin da Chelsea ta yi a 2003.

Wasu hukumomin sun bi wata hanyar. Gasar La Liga ta Sifaniya tana tsayar wa kowace ƙungiya iyakar kuɗin 'yan wasa tun kafin kaka ta fara, ta ƙi yi wa sabon kwantiragi rajista idan babu gurbi, kuma haka Barcelona ta rasa Lionel Messi a Agustan 2021. UEFA kuma tun 2022 ta koma auna albashi da kuɗin saye da ladan dillalai da kuɗin shiga kai tsaye: kashi 90 cikin ɗari a 2023/24, kashi 80 a kaka ta gaba, sannan kashi 70 daga 2025/26. A Nuwamban 2025 ƙungiyoyin Firimiya suka amince da irin wannan ma'auni, na kashi 85, domin ya maye gurbin PSR daga kakar 2026/27.