Fallomi Ta Kakana

Mai karatu, har kakana ya koma ga Allah bai taɓa cewa Njamena ba, Fallomi yake cewa, wato yadda bakin Bahaushe ya lanƙwasa Fort-Lamy. A nan ayarinsu ya yada zango a tafiyar Makka ta ƙasa, a nan kuma aka haifi mahaifina.

Faransawa ne suka kafa garin a 1900, suka sa masa sunan Lamy, hafsansu da ya mutu a yaƙin Kusuri, ranar da aka kashe Rabe. Sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya cire sunan Nasara, gari ya koma N'Djamena.

To, sauya suna a baki abu ne mai sauƙi, amma takarda ba ta tashi ta gyara kanta. Gidan waya ya sake hatimi, masu taswira suka gyara a bugu na gaba, tsofaffin rajista kuwa suka zauna yadda suke. Shi ya sa duk wasiƙar da na gani a adakar kakana da hatimin Fort-Lamy, na san ba ta wuce 1973 ba, ko da kwanan watan ya goge.

Mu kam mun ji a jikinmu. Da muka je cike wa mahaifina wasu takardu, wani matashin akawu ya duba takardar haihuwarsa, ya lalubi taswirar Chadi, ya ce babu wannan gari. Sai da muka yi sawu uku, wani dattijo a ofishin ya leƙo ya ce, "Yaro, ai Njamena ce."