Magana Jari Ce Tsakanin Littafi da Talabijin: Asalin Saɓanin

Shekara kusan 90 ke nan da fitowar Magana Jari Ce, amma har yanzu a makarantun sakandare na Anka da Gummi da Bukkuyum, kamar sauran ƙasar Hausa, akan ji ɗalibai biyu sun kafe a kan amsa biyu mabambanta game da labari ɗaya, domin ɗaya littafi ya karanta, ɗayan kuwa guntun wasan talabijin ya gani a waya. Shi kansa littafin ba daga sama ya faɗo ba, tun da Abubakar Imam ya tsinto labaransa ne daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Grimm na Jamus da wasu littattafan Larabci, ya sa musu rigar Hausa, aka buga su a Zariya cikin littafi uku tsakanin 1937 da 1939, ƙarƙashin kulawar Rupert East.

Abin da ya ɗinke labaran wuri guda shi ne labarin da ya kewaye su, wato wanda sauran suke zaune a cikinsa. A littafi na farko Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a hannun Aku, shi kuwa Waziri, wanda ya haɗa baki da abokan gaba, yana ta ƙulle-ƙullen yadda yaron zai fita a kama shi. Kowane dare Musa yakan zo sallama domin ya bi rundunar, Aku kuma ya ɗauko labari ya yi ta jansa har gari ya waye, tafiya ta fasu. Saboda haka kowane labari a nan dabara ce ta ɓata lokaci, kuma mai karatu yana bin sa da fargabar ko yau yaron zai kuɓuce.

A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da labaran wasan kwaikwayo mai dogon zango, wato wanda ake nunawa kashi-kashi, da fitattun 'yan wasa irin su marigayi Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, sannan a 1989 Debrah Ogazuma ta shirya wani da Turanci. Masu bayyana dalilin da ya sa wasan ya bambanta da littafin sukan ɗora laifin a kan ƙarancin kuɗi da kayan aiki, ganin cewa sa tsuntsu ko dabba yin magana a gaban kyamara ba ƙaramin aiki ba ne a wancan zamani, wasu kuma su ce 'yan wasa ne ke ƙara gishiri da barkwancinsu. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ba su kai ga tushe ba. Tushen shi ne cewa shirin da ake jira lokaci-lokaci dole kowane kashi nasa ya tsaya da ƙafarsa, domin wanda ya kunna akwati yau wataƙila bai ga na baya ba, kuma da zarar labari ya tsaya shi kaɗai to ya rabu da dalilin da ya sa aka ba da shi, ko da an bar mai ba da labarin a farkon shiri. Haka kuma abin da Imam ya gama a jimla guda, kamar a ce mutum ya yi ta fatauci har ya yi arziki, sai an ƙago masa zance da mutane da wuri kafin ya kallu. Ko da an zuba wa masu shirin kuɗin duniya, wannan ba zai sauya ba.

Daga nan ake gane sigar da tambaya take nufi. Idan aka tambayi kamannin wani ko tufafinsa, ko wanda ya fito a matsayinsa, to wasan ake nufi. Idan kuwa aka tambayi wanda ya ba da labarin, da wanda aka ba, da abin da ya jawo shi, to littafin ake nufi, kuma shi masu jarrabawa ke dubawa. Nan ma da sauran rina a kaba, domin tambayar ko wane ne Waziri amsarta biyu ce a cikin littafin kansa: a na farko mutum ne maci amana, a na biyu da na uku kuwa Aku ne ke riƙe da sarautar, inda yake gasar ba da labari da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, daga baya kuma ya koma tarbiyyar ɗansa Fasih. Malamin da ya rubuta wannan tambaya a allo ba tare da faɗin wane littafi cikin ukun yake nufi ba, bai kamata ya hana maki ga ɗalibin da ya amsa masa da Aku ba.