Tsara Babin Bita Jigo-Jigo: Misalin Nasara da Faɗuwar Manyan Ayyuka

Babi na biyu a kundayen digiri da yawa jerin gwano ne kawai: wane ya ce, wance ta ce, kowa da sakin layinsa bisa shekarar da ya yi rubutu. A nazarin dalilan nasara ko faɗuwar manyan ayyuka wannan tsari yana da illa ta musamman, domin marubutan ba abu ɗaya suke nufi da nasara ba.

Saboda haka nake ganin jigon farko dole ya zama ma'aunin nasarar kanta. Tsohon ma'auni shi ne lokaci da kuɗi da inganci. A 1988 de Wit ya raba nasarar gudanar da aiki da nasarar aikin kansa, Atkinson kuma ya soki tsayawa kan ukun nan a 1999. Gidan wasanni na Sydney Opera House ya fito da bambancin fili: an ƙiyasta dalar Ostareliya miliyan 7, ya ci miliyan 102, aka buɗe shi a 1973, amma yau shi ne tambarin birnin. Sai an warware wannan sannan a shiga jigo na biyu, wato abubuwan da ke kawo nasara, inda guda goma da Pinto da Slevin suka zayyana a 1987 za su zauna.

Jigon ƙiyasin kuɗi shi ne inda ribar tsarin ta fi bayyana. Flyvbjerg da abokan aikinsa sun duba ayyukan sufuri 258 a 2002, suka gano kusan tara cikin goma sun zarce ƙiyasi, kuma sun ɗora laifin a kan masu rage adadi da gangan don a amince da aiki. Hirschman kuwa, a littafinsa na 1967 kan ayyukan da Bankin Duniya ya tallafa wa, har da layin dogon da aka ja zuwa Borno, yana ganin rashin hango wahala kan sa a fara aikin da ba don haka ba da an guje shi, daga baya a samo dabarar fita. Idan shekara aka bi, shafuka da yawa za su raba su, mai karatu ba zai gane saɓaninsu ba. A ƙarƙashin jigo ɗaya kuwa tilas ɗalibi ya auna hujjojinsu: ɗaya ya dogara da alƙaluman ɗaruruwan ayyuka, ɗayan da ayyuka 11 da ya nazarta a tsanake.

Kafin rubutu a zana jadawali, marubuta a gefe, jigogi a sama, a cike abin da kowa ya samu da hanyar da ya bi. Marubuci ɗaya na iya fitowa a jigo biyu ko uku, ba laifi. Jigon da ya tashi da marubuci ɗaya tak a haɗe shi da wani, sai fa idan nan ne giɓin da binciken zai cike.