Asalin Kalmar phishing

Kalmar phishing ta samo asali ne daga kalmar Turanci ta fishing, wato kamun kifi, kuma ta yaɗu a tsakiyar shekarun 1990 a Amurka, lokacin da 'yan damfara ke yaudarar masu amfani da AOL domin su sace kalmomin sirrinsu. Abin da take nufi shi ne saƙon ƙarya da ake aikawa da sunan banki, wanda ke cewa za a rufe asusun mutum idan bai latsa wani adireshi ya shigar da lambobin katinsa ba, alhali shafin na ɓarayi ne. Banki na gaskiya ba ya neman lambar sirrin kati ta saƙo ko ta waya.