Takardar lamuni: Ma'anarta da dalilin faɗuwar farashinta idan kuɗin ruwa ya tashi

Takardar lamuni shaida ce ta bashin da gwamnati ko kamfani ya karɓa daga hannun jama'a. A cikinta ana ƙayyade abubuwa uku: uwar kuɗin da aka ranta, kuɗin ruwan da za a riƙa biya, da ranar da za a maido da uwar kuɗin. A Nijeriya, Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, shi ne ke sayar da takardun Gwamnatin Tarayya.

Adadin da takardar ke biya ba ya sauyawa har wa'adinta ya cika. Abin da ke sauyawa shi ne farashinta a kasuwa, idan mai ita ya so ya sayar kafin lokaci.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwar albasa a Inugu da ya sayi takardar naira 100,000 mai biyan kashi 15 cikin ɗari, wato naira 15,000 a shekara. Daga baya sai kuɗin ruwa ya tashi, gwamnati ta fara fitar da sabbin takardu masu biyan kashi 20. Yanzu babu mai sayen tasa a naira 100,000, tunda da wannan kuɗin zai samu wadda ke biyan naira 20,000. Dole ya rage farashi har ribar mai saye ta yi daidai da ta sabuwar takarda.

Idan shekara ɗaya ta rage, mai saye zai karɓi naira 115,000 a ƙarshenta, don haka ba zai biya fiye da kimanin naira 95,800 ba. Idan kuwa shekara biyar suka rage, farashin zai sauko zuwa kusan naira 85,000, domin giɓin naira 5,000 zai maimaitu sau biyar. Ke nan doguwar takarda ta fi gajeriya jin jiki.

Masu riƙe da tsofaffin takardu sun ga hakan a shekarar 2024, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa kashi 27.5.

Lamarin ya shafi har masu guje wa riba. Sukuk na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, wanda aka kashe wani ɓangare nasa a aikin hanyar Inugu zuwa Fatakwal, kuɗin haya yake biya maimakon kuɗin ruwa. Sai dai tunda hayar ƙayyadajjiya ce, irin wannan takarda ma farashinta na sauka idan sabbin takardu suka fi ta biya.

Asarar tana tabbata ne ga wanda ya sayar kafin wa'adi. Wanda ya jira zai karɓi uwar kuɗinsa cif, muddin mai cin bashin bai gaza biya ba, ko da yake hauhawar farashi kan rage mata daraja. Saboda haka kuɗin juyawa, wanda fatake za su buƙata a damina mai zuwa, bai dace da takardar shekara goma ba.