Maganin hana daskarewar jini da ke toshe jijiya

A shekarar 1958 wasu likitocin fiɗa biyu a jihar New Hampshire ta Amurka, Rodger Weismann da Richard Tobin, suka ba da rahoton majinyata 10 da ake yi wa allurar hefarin don hana jininsu daskarewa, sai ga jijiyoyinsu sun toshe. Gudan jinin da aka ciro fari-fari ne, kuma abin ba ya faruwa sai an yi kusan mako guda ko biyu ana yi musu allurar. Sun zargi hefarin ɗin, amma sun rasa hanyar da yake bi. Sai da aka shafe shekara 34 kafin a gano bakin zaren.

A jinin kowane mutum akwai wani furotin da hanta ke yi, antitirombin, wanda aikinsa kama tirombin da sinadarin Xa, jagororin daskarewar jini. Mai nawa ne ƙwarai. Da hefarin ya liƙe masa sai siffarsa ta sauya, saurin kamunsa ya ninka kusan sau 1,000. Hefarin ya sake shi, ya koma kan wani. Tunda antitirombin yana nan cikin jini yana jira, allurar da aka yi ta jijiya cikin mintuna take fara aiki. Warfarin kuwa hana hanta yake yi ta haɗa sababbin sinadaran daskarewa, dole a jira tsofaffin su ƙare, abin da ke cin kwana biyar ko makamancin haka. Hefarin ba ya narkar da gudan da ya riga ya samu. Hana shi girma yake yi, jiki ya ƙarasa sauran.

To ina aka samu toshewar? Babu wanda ya ƙirga ƙwayoyin filatilet na majinyatan farko, wato ƙananan ƙwayoyin da ke taruwa su liƙe bakin rauni. A 1973 ne Rhodes da Dixon da Silver suka nuna cewa filatilet na irin waɗannan majinyata yana faɗuwa, kuma da hannun garkuwar jiki a ciki. Jinkirin mako guda ya sami fassara, domin kwanakin da jiki ke buƙata ke nan kafin ya haɗa sojojin garkuwa. A 1992 Jean Amiral da abokan aikinsa a Faransa suka gano abin da sojojin ke hari. Filatilet na fitar da wani furotin, PF4, wanda ke manne wa hefarin su zama dunƙule. Jikin wasu yana ɗaukar dunƙulen nan baƙo. Sojojin garkuwa su hau kansa, su kuma tunzura filatilet, shi kuma ya ƙara fitar da PF4, tirombin ya yi ta ƙaruwa. Ashe raguwar filatilet alama ce ta cinye su da ake yi wajen haɗa guda. Shi ya sa zubar jini ba ta cika faruwa ba, toshewa ce abin tsoro.

Mu ɗauka an yi wa wata dattijuwa aikin ƙugu, aka ɗora ta kan hefarin, filatilet ɗinta 360,000. Rana ta bakwai gwaji ya nuna 160,000. Mai duban takarda a gurguje zai wuce, tunda ƙasan ƙa'ida 150,000 ne. A ganina nan ne aka fi yin asarar ƙafa, domin yawan faɗuwar ake dubawa, ita kuma ta rasa fiye da rabi, a tsakanin rana ta 5 da ta 10 da aka san cutar da su. Idan ƙafa ta kumbura ko ta yi sanyi, ko fatar wurin allura ta yi baƙi, zargi ya ƙarfafa. Likita zai kuma tambayi kansa ko akwai wani dalilin, domin zazzaɓin cizon sauro da ƙwayar cuta a jini su ma suna rage filatilet. Wanda aka yi wa hefarin cikin watan da ya gabata, nasa na iya faɗuwa cikin kwana ɗaya, don sojojin na nan.

Ba a jiran sakamakon gwajin garkuwa. Ana tsayar da duk wani hefarin, har ɗan wanda ake wanke kanula da shi, har ɗan'uwansa inoksafarin. Tsayarwa kaɗai ba ta isa ba, domin binciken Warkentin da Kelton na 1996 ya nuna kusan rabin waɗanda aka bari haka jijiyarsu ta toshe cikin kwana 30. Ana sauya shi da wani maganin hana daskarewa kamar argatiroban ko fondafarinus. Warfarin kuwa sai filatilet ya farfaɗo zuwa 150,000, don idan aka yi gaggawa yana rage furotin C mai kare jijiya, ƙafa ta ruɓe.

Duk wanda wannan ya taɓa samunsa, ya faɗa wa likita kafin kowace fiɗa ko wankin ƙoda.