Yadda Aka Ƙirƙiro Sa Hannun Flickr Ba Tare da Sanin Sirri Ba

Yau zan mayar da mu shekarar 2009, lokacin da wasu masu bincike biyu, Thai Duong da Juliano Rizzo, suka nuna cewa ana iya ƙirƙiro sa hannun bogi a shafin hotuna na Flickr, alhali ba a saci kalmar sirrin kowa ba.

Mu fara da hash. Lissafi ne da za ka ba shi saƙo komai tsawonsa, ya fitar maka da gajeriyar lamba, kamar zanen yatsa. Ka canza harafi ɗaya, lambar ta canza. Sai dai kowa na iya yin wannan lissafin. In mugu ya tare saƙonka a hanya, sai ya sauya shi, ya lissafa sabon hash ya maƙala. Shi kuwa MAC, akwai mabuɗin sirri a cikinsa wanda ku biyu kaɗai kuka sani. Hash yana gano saƙon da ya lalace a hanya, MAC kuma yana tabbatar da cewa mai riƙe da mabuɗin ne ya aiko.

To, dabarar da ke fara zuwa wa mutum ita ce ya ɗora sirrin a gaban saƙo, ya yi musu hash tare. Haka Flickr ta yi wa manhajojin da ke magana da ita, da MD5, wanda Ron Rivest ya tsara a farkon shekarun 1990. Gaskiya ni ma da na fara ganin tsarin ban hango aibinsa ba.

Aibin yana cikin ginin MD5 ne, ginin da ake jingina wa Ralph Merkle da Ivan Damgård. Yana cin saƙo gutsure-gutsure, bayit 64 kowane loma, sakamakon loma ɗaya shi ne mafarin na gaba. Abin da ya rage bayan loman ƙarshe, shi ake miƙa maka a matsayin hash. Kun ga ke nan hash ɗin shi ne daidai inda injin ya tsaya, duk wanda ya samu zai iya ɗorawa daga nan.

Mu ɗauka sirrin bayit 16 ne, saƙon bayit 30, jimla 46. MD5 zai yi ciko har 64: bayit ɗaya 0x80, sifili tara, sai bayit takwas masu ɗauke da tsawon. Maharin ya ga saƙon da sa hannunsa. Sai ya aika saƙon asali, da wannan cikon, da ƙarin nasa umarnin, ya lissafa sabon sa hannu ta hanyar ci gaba daga tsohon hash. Sabar za ta ɗora sirrinta a gaba, ta lissafa, ta samu lamba iri ɗaya. Tsawon sirrin kawai yake buƙata, wannan kuwa sai ya yi ta gwadawa har ya dace. Shi ake kira harin tsawaita saƙo.

A wancan lokacin, a Flickr akwai kuskure na biyu da ya buɗe ƙofar. Ana jera sunayen bayanan buƙata bisa tsarin haruffa, a manne kowane suna da ƙimarsa ba wata alama a tsakani. Saboda haka api_key da abin da ke biye da shi ana iya karanta su a matsayin suna a mai ƙima da ta fara da pi_key. Sai maharin ya tura tsohon saƙon duka da cikon cikin wannan a ɗin, wanda sabar ba ta kula da shi, ya rubuta nasa umarnin a baya da sunan manhajar wani.

Abin da ya fi ba ni haushi, maganin ya girmi cutar. Tun 1996 Mihir Bellare da Ran Canetti da Hugo Krawczyk suka fitar da HMAC, aka rubuta shi a RFC 2104 a 1997:

```
HMAC(K, m) = H((K xor opad) || H((K xor ipad) || m))
```

Sau biyu ake hash. Na ciki, wanda da shi za a iya tsawaita saƙo, ba ya fita waje. Na waje ake gani, kuma tsawaita shi ba ya amfanar kowa, don sabar gajeriyar lambar ciki kawai take sa masa.

Kar wani ya ce ai MD5 ne ya tsufa. SHA-1 da SHA-256 da SHA-512 duk gini ɗaya ne, harin yana cin su. SHA-3, da aka amince da shi a 2015, shi ne ba ya fitar da dukkan abin da ke cikinsa, don haka ba a iya ɗorawa. In ka buɗe aikinku ka ga an manna sirri a gaban saƙo an wuce da shi cikin sha256, ka mayar da wurin HMAC, sannan ka duba ko akwai alamar da ta raba suna da ƙima.